Sun canza min rosta, ranar farko na ɗebi fasinjan Bauchi na nufi Yola da su, laifin wa?

Direban Bolari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ya same ni ranar Litinin ɗin nan, har yau ya tsaya min a rai, na ce bari in kawo shi nan tunda akwai manyanmu da suka daɗe a sitiyari. Ina tuƙa Homa a wani kamfanin sufuri a nan Gombe, ba zan kama suna ba, shekara 4 kenan ina layin Gombe zuwa Bauchi da mota ɗaya, mu a wajenmu da lambar da aka rubuta a jikin ƙofa muke kiran mota, tawa 14 ce. Ranar Asabar da yamma sufabaiza ya kira ni a waya yace an canza rosta, daga Litinin na koma Yola, lodin farko, tashi 6:30. Iya abin da ya faɗa kenan wallahi, bai ce min komai game da mota ba, ni ma ban tambaya ba saboda a kaina direba da motarsa yake tafiya. An turo hoton rostan a guruf ɗinmu amma ta bayan gilashin allo aka ɗauka, hasken fulas ya cinye layin lambar mota, ni dai na ga sunana na ga Yola na ga 6:30 na ajiye waya.

Litinin na yi sallar asuba a masallacin unguwa na hau acaɓa, kafin 6 ina tasha, ga sanyi ga hazo kowa ya duƙunƙune. Mai riƙe makullai sai 7 yake zuwa, don haka makullan lodin farko a wajen mai gadi ake barinsu, yana ganina ya miƙo min na 14 ko magana bai yi ba, shekara 4 yana ba ni shi. Na samu mota an riga an ɗaure kaya a baya, fasinja sun kusa cika, saura kujera 2. Na duba ruwa da baƙin mai, na bubbuga tayu, sai ga wani dattijo da ɗiyarsa da jakarsu suka ce direba ina motar Yola, nace ga ta nan ku shiga. Yaron ofis ya miƙo min manifes da takardar mai ta taga, na ninke na soke a saman gilashi, na tayar.

Gidan man da kamfani ke da asusu da su a hanyar Yola yake, ko Bauchi za ka nan kake fara zuwa, shi ya sa ba wanda ya ce uffan da na ɗauki wannan hanyar. Mai zuba mai ya duba takarda yace lita 45. Na ɗan yi jim, nace a raina 45 ai na Bauchi ne, amma na san 'yan Yola ana ƙara musu mai a can, sai na ɗauka haka tsarin yake. Muka fito, na wuce Mil 3 na miƙe ban karya kwana ba, sai na ji ƙus-ƙus a baya, muna dosar Mil 6 wani ɗalibi da ke gaba kusa da ni yace oga ina za ka da mu ne, ba ta baifas za ka bi ba? Nace wane baifas kuma, Yola fa za mu. Kun san abin da ya biyo baya. Mutum 16 suna cewa Bauchi, dattijo da ɗiyarsa suna cewa Yola.

Na faka a gefe na zaro manifes, wallahi ƙafata sai da ta yi sanyi. An rubuta Bauchi ɓaro-ɓaro a sama, lambar mota 14, kuma sunan direban ba nawa ba ne, na abokin aikina ne. Ashe ni aka ɗauke aka kai kan mota 9, ita 14 tana nan a layinta. Na duba waya na ga ya kira ni sau 7, tana aljihun rigar sanyi ban ji ba. Na juya, na iske 9 cike da mutanen Yola ba direba, mutum 2 masu tikitin Bauchi suna tsaye an bar su, shi kuma abokina yana ta safa da marwa. Kafin a sauke jakar dattijon, a lallashi mutane, in karɓi 9 in je in sha mai, ban bar Gombe ba sai 8 saura kwata. Yanzu an ba ni kwiri, an ce za a cire lita 5 da alawus ɗin ranar a albashina. Tambayata ita ce, tsakani da Allah, laifina ne ni kaɗai?

Ɗan Kamasho: Wa alaikumussalam. Ni kam ban ga laifinka ba ko kaɗan. Shekara na 15 a tasha, motan da direban abu ɗaya ne, ba a raba su. In an rubuta ka a layi lamban motan ka ake rubutawa, in layi ya zo kanka kai da motan ka za ka yi lodi. Wa ya taɓa jin an ce ka koma Yola amma ka bar motan ka? Su suka ɓata, su biya.

Tsohon Direba: Ɗan Kamasho, rabin maganarka gaskiya ce, amma ka ɗauko dokar tasha ka ɗora wa kamfani. A tashar 'yan yuniyan motar ta direba ce ko ta maigidansa, to dole layi ya bi mota, ba mai raba ka da ita. Kamfani kuwa motocin duk nasu ne, kuma iri biyu ne tsarinsu. Akwai masu ɗaura wa direba mota, ya sa hannu a kanta, duk inda aka tura shi da ita zai tafi, in ta shiga gareji shi ma ya zauna. Akwai kuma masu ɗaura wa hanya mota, direbobi ne ke juyawa. Ka lura da abin da ka faɗa da bakinka, a tasha ma lambar mota ake rubutawa a layi ba sunan mutum ba. To haka ofishin tikiti yake a kamfani, mai sayar da tikiti bai san ka ba, shi 14 ya sani, ya rubuta 14 a tikiti, mai lodin dare ya ga 14 a takardar saƙo ya zuba kayan Bauchi, mai rubuta takardar mai ya ga 14 ya rubuta 45. Abu uku suna bin lambar mota, abu ɗaya tak ke bin sunan direba, wato alawus. Shi ya sa in aka ce an canza maka rosta tambayar farko ba ina za ni ba ce, da wace mota za ni ce.

Yarona, ka yi haƙuri zan faɗa maka naka. Sufabaiza ya yi rabin magana, wannan nasa ne. Hoton da ba ya karantuwa, na wanda ya turo ne. Amma takarda ta shiga hannunka kafin ka murɗa makulli, kuma layin farko na takardar ya ishe ka. Ni da nake aiki, na yi Kano ta Dukku da Darazo, na yi Yola, na yi Jos, ban taɓa sa giya ba sai na tsaya a bakin ƙofa na karanta sunan gari da ƙarfi, na ƙirga kawuna na gwada da sunaye. Minti 2 ne.

Direban Bolari: Baba na karɓa wallahi, manifes ɗin kam ban karanta ba. Shekara 4 abu ɗaya ake rubutawa har na daina dubawa, hannu ne kawai ke karɓa. Amma Baba a wajenmu fa tsarin farko muke, na sa hannu a kan 14 tun ranar da aka ba ni ita, jak da wilsifana da safaya da abin kashe wuta duk a wuyana suke, in ɗaya ya ɓata ni ake cire wa. Ba wanda ya kira ni yace zo ka miƙa. Ta yaya zan san an raba ni da motar da har yanzu sa hannuna ne a kanta?

Tsohon Direba: To wannan kuma magana ce mai nauyi, da ka fara da ita. In dai akwai takardar da ka sa wa hannu kuma ba a yi miƙa mota ba, a rubuce 14 taka ce har safiyar Litinin, mai gadi ma bai yi kuskure ba da ya ba ka makulli. Ka sa wannan a amsar kwirin.

Ɗan Kumo: Kai ɗan uwa ka gode wa Allah ma da aka ba ka Yola, ai alawus ɗin ya fi. Shawarata kawai ka riƙa tashi da wuri ka wuce Kumo kafin kasuwa ta ci, kuma ka kula da manyan motoci daga Billiri zuwa Kaltungo, ga kwanonin wajen Cham. In ka isa Numan ka huta. Kar ka ji tsoron hanyar, sati 2 za ka saba.

'Yar Tumfure: Ɗan Kumo ba hanya yake tsoro ba, koma ka karanta daga sama. Ni dai abin ya tuna min namu na asibiti. Ma'aikaciyar jinya ce ni, aka canza mana rosta a tsakiyar wata, aka rubuta min naitin ranar 10, to naitin 10 ɗin daren 9 wayewar 10 ne ko daren 10 wayewar 11? Tsohuwar shugabarmu ranar shiga take rubutawa, sabuwar da ta zo ashe ranar fita take nufi, ba ta gaya wa kowa ba. Ina gida na yi shirin barci aka kira ni wai ɗaki ba kowa, wadda ta yi yamma ta kasa tafiya gida ga ta da jariri. Ni aka yi wa faɗa a gaban kowa. Abin da na gani shi ne wanda ya rubuta rosta a kansa komai a fili yake, saboda shi ya san abin da yake nufi, kai da za ka karanta ne ke cikin duhu. Tun daga lokacin duk canjin da aka min sai na mayar da saƙo a rubuce, nace na fahimci kaza, rana kaza, ƙarfe kaza, haka ne? In ta ce eh na ajiye.

Fasinjan Kaltungo: Ku yi haƙuri fa, duk kuna maganar direba da ofis, ba wanda ya tuna mutanen da ke cikin motar. Mutum ya bar gidansa cikin sanyin nan tun kafin gari ya waye don ya kama lodin farko, ba don daɗi ba, wani yana da jarrabawa, wani Jos zai wuce so yake ya samu mota a Bauchi da wuri, wani kotu. Gombe zuwa Bauchi kilomita 150 ne da 'yan kai, wanda ya tashi 6:30 yana sa ran 9 ta yi masa a can. An ci musu fiye da awa ɗaya, wa zai biya su? Ni ba na cewa a ci zalin direba, amma ya ji a ransa cewa ba lita 5 ce kawai ta tafi ba.

Direban Bolari: Fasinjan Kaltungo, wallahi wannan ne ma ya fi damuna ba kuɗin ba. Ɗalibin nan da ke kusa da ni jarrabawa yake da ita 10 a Bauchi, ina kallonsa yana duba agogon waya hannunsa na rawa, bai zage ni ba, kuma rashin zagin ya fi min ciwo. Da muka koma tasha na roƙi abokina ya bar shi a gaba kuma kar ya tsaya cin abinci a Alkaleri. Na karɓi lambarsa na kira shi da yamma daga Yola, yace ya shiga an riga an raba takarda amma sun bar shi ya rubuta. Shi kuma dattijon haƙuri ma yake ba ni, wai shi ya tambaye ni.

Akawun Bauchi: Bari in sa baki tunda aikin da nake yi kenan, ni ke rubuta rosta a wani kamfani a nan Bauchi. Zan faɗa muku yadda irin wannan ke faruwa daga ciki. Rosta layi 5 ne a tsaye, rana, hanya, lokaci, mota, direba. In oga yace musanya min wane da wane, abin da ya fi sauƙi a kwamfuta shi ne ka ɗauke suna ka sa suna, ka bar sauran layukan yadda suke. Wani lokaci da gangan ne, wani lokaci kuma shi kansa ogan bai yi tunanin mota ba, akawu ne ya yanke hukunci ba tare da ya san ya yanke ba. Ni ma na taɓa yi. To ɗan uwa, kafin ka amsa kwirin ka nemi sanin wanne ne a ciki, domin in ba da gangan aka bar 14 a Bauchi ba, kuskuren daga tebur ya fara.

Sannan abin da ya fi ba ni tsoro a labarinka ba wanda ya taɓo shi sosai. Manifes ba don ado ake cika shi ba, suna ne da lambar waya da inda mutum zai sauka da lambar ɗan uwansa na kusa. Ka ɗauki mutum 2 da sunansu ke takardar mota 9, ka bar mutum 2 da sunansu ke takardar 14. Allah ya kiyaye, da wani abu ya faru tsakanin tasha da Mil 6, da an kira iyalan mutanen da ke tsaye lafiya lau a tasha, shi kuma dattijon da ɗiyarsa ba wanda zai san suna ciki. Ga sunan direba ba naka ba. Ko 'yan Rod Sefti ne suka tsayar da kai suka gwada lasin ɗinka da takardar, bayani za ka yi ta yi. Ina ga abin da ya sa ofis suka ɗauki zafi kenan, ko da ba su faɗa maka ba.

Ɗan Kamasho: To ai wannan laifin yaron ofis ne da ya miƙa takarda ta taga bai duba fuskan direba ba. Kuma ina mai duba tikiti a bakin ƙofa? Mu a tasha ba mai shiga mota sai ta hannuna.

Akawun Bauchi: Nan kam ka yi gaskiya Ɗan Kamasho. Da akwai mai yagar tikiti a ƙofa da dattijon bai shiga ba, kuma da an tambayi direba me ya sa yake cewa Yola. Matsalar lodin farko kenan a ko'ina, ma'aikata ba su gama zuwa ba, mutum ɗaya ne ke sayar da tikiti yana rubuta manifes yana amsa waya.

Bakaniken Jekadafari: Ni ta ɓangarena zan yi magana. Oga direba, 14 ɗin nan shekararta nawa a hanya, kuma tana cin ruwa?

Direban Bolari: Tana cikin tsofaffin wajenmu. Tana ɗan ci, duk safiya sai na ƙara mata kamar rabin gora, in rana ta take kuma ga lodi allurar zafi tana ɗan haurawa sama da rabi. 9 kuma bara aka kawo ta.

Bakaniken Jekadafari: To ka ga amsar tambayar Akawu, ni a ganina da gangan aka bar ta a Bauchi. Ba mai hankalin da zai tura motar da ke cin ruwa Yola, kusan kilomita 250 ne zuwa kawai, ga hawa da sauka ta wajen Kaltungo, ga zafin Numan in ka gangara, ka dawo da rana tsaka. Motar da ke shanye rabin gora a tafiyar Bauchi can sai ta dafa maka gaskit. Da ka san halin motarka ka haɗa da nisan hanyar, da tun Asabar ka tambaya. Kuma lissafin mai ma ya isa ya tsayar da kai. Homa mai fetur da cikakken lodi ka sa kilomita 7 a lita, in injin na da lafiya ta ba ka 8. Bauchi zuwa da dawowa 300 da ɗoriya, raba da 7, ka ga 45 ɗin nan daidai. Yola zuwa da dawowa 500, lita 70 da wani abu kenan, tankin kansa 70 yake ɗauka, shi ya sa ake cika muku a nan a ƙara a can. Wanda zai je Yola ba a ba shi 45 a Gombe, tanki ake cikawa. Da ka ji 45 ai takardar ce ke gaya maka ba taka ba ce.

Abu na biyu, kuma wannan ya fi kwirin muhimmanci a wajena. Ka hau 9 cikin gaggawa da ɓacin rai, ka duba ta kuwa? Kowace mota da halinta, burkin wata a sama yake kamawa wata sai ka taka ya nutse, kulocin wata a ƙasa wata a sama. Shi kuma abokinka ya hau 14 ya san tana cin ruwa?

Direban Bolari: Gaskiya 9 ruwa da mai kawai na leƙa na tafi, sai a Kumo na tsaya na duba safaya na samu iskarta ta yi ƙasa, na sa aka ƙara. Burkinta ya fi na 14 kamawa nesa ba kusa ba, takun farko sai da mutane suka yi gaba. Maganar ruwa na gaya masa a tsaye a gurguje, nace kar ya buɗe murfin lagireto da zafi, akwai jarka a ƙarƙashin kujerar baya. Ya kai lafiya. Amma jiya ya kira ni wai bai ga wilsifana ba, ni kuma na san tana ciki ranar Asabar.

Tsohon Direba: Ka ji ko. Abin da rashin miƙa mota ke haifarwa kenan, yau wilsifana gobe jak, jibi a ce wa ya fasa madubi. Gobe da safe kafin lodi ku tsaya ku biyu da mai kula da motoci, a buɗe kowace mota a ƙirga, jak, wilsifana, safaya, abin kashe wuta, alamar faka ta hanya, takardun mota da ranar ƙarewarsu, a rubuta lambar mita da inda allurar mai take, a zagaya jiki a rubuta duk wani ƙarce da lotsewa. Kai ka sa hannu ka fita daga 14, shi ya sa hannu ya shiga, haka 9. In ba a yi wannan ba, kana tuƙa motar da ke wuyan wani, wani na tuƙa wadda ke wuyanka.

Amsar kwiri kuma kar ka yi dogon turanci, kar ka zagi kowa. Ka rubuta abin da ya faru da lokutansa, kiran Asabar ƙarfe kaza da abin da aka ce, ka haɗa hoton rostan nan yadda aka turo shi, ka ce ba a karɓi 14 daga hannunka ba. Sannan ka amsa naka da bakinka, ban karanta manifes ba, na sa fasinja ban duba tikitinsu ba. Wanda ya amsa nasa an fi sauraronsa in ya nuna na wasu.

'Yar Tumfure: Baba amma in ya rubuta da hannunsa cewa bai karanta ba, ba shi ne za su riƙe su manta da sauran ba? Ni na ga an yi wa mutane haka.

Tsohon Direba: Za su iya, 'yata. Amma mutum 18 sun ga lokacin da ya zaro takardar daga saman gilashi a Mil 6, ba abin ɓoyewa ba ne. In ya musa abin da kowa ya gani, maganar makulli da hoton ma ba za a yarda da ita ba.

Akawun Bauchi: Ni a nawa ganin lita 5 ɗin ma ta yi yawa, tasha zuwa Mil 6 da dawowa bai fi kilomita 20 ba, lita 3 kenan, kuma rabin hanyar dama sai motar ta bi ta don shan mai. Alawus kuwa ban ga dalilin cirewa ba tunda ya je Yola ya dawo, aikin ranar ya yi shi. Gargaɗi a rubuce ya isa.

Fasinjan Kaltungo: Ni kuma ina ga a cire, amma a cire wa sufabaizan ma daidai da nasa. In gargaɗi ne kawai gobe ma haka za a yi.

Ɗan Kamasho: Wa zai cire wa oga? Shi ne fa mai rubuta kwirin.

Direban Bolari: Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na miƙa amsar ɗazu yadda Baba ya ce, na haɗa da hoton. Sufabaiza ya karanta a gabana, da ya zo wajen kiran Asabar yace shi yana tuna ya ce min 9, nace wallahi ban ji ba, yace to manaja zai duba. Maganar cire kuɗi ba a ce an fasa ba, ba a ce an tabbatar ba, sai ƙarshen wata in ga takardar albashi. An yarda gobe 5:45 za mu yi miƙa mota ni da abokina. Wilsifana dai har yanzu ba a gan ta ba, mai lodin dare yace shi bai taɓa ba, mai gadi yace wani direba ya ari ɗaya ranar Lahadi amma bai tuna daga wace mota ba.

Bakaniken Jekadafari: In kun buɗe 14 goben ku ɗaga kujerar gaba ku duba gefen injin, yara in sun gama aiki nan suke cusa ta. Kuma ka ce wa abokinka ya kawo min ita in ya dawo daga Bauchi in duba inda ruwan ke bi, rabin gora kullum ba ƙaramin abu ba ne, ko tiyo ne ko famfon ruwa.